Laftof ɗina ya kai digiri 96, waya kuma 43: in tsaya ko in ci gaba da aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa bidiyon biki da laftof ɗina mai Core i5-8250U. Na sa HWiNFO64 na ga zafin furosesa ya kai digiri 96, wani ya ce min in kashe ta kafin ta ƙone. Wayata ma in tana caji ina ganin 43. Wane zafi ne ba shi da illa, kuma yaushe ya kamata in ɗauki mataki?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka game da laftof ɗin, 96 ɗin nan shi kaɗai ba zai ƙona ta ba. In ma akwai lambar da zan so ka fi sa wa ido a cikin biyun da ka kawo, to 43 ɗin wayar ce, duk da ta fi ƙanƙanta. Zan zo kanta a ƙarshe, bari mu fara gamawa da kwamfutar.

Kowace furosesa tana da iyakar zafi da masu ƙera ta suka yanke mata, kuma ita kanta ta san iyakar. A HWiNFO64 za ka gan ta da sunan TjMAX. Ta furosesar da ke cikin laftof ɗinka digiri 100 ce a ma'aunin Salshiyas, kuma yawancin furosesoshin Intel na laftof da ke hannun mutane a nan suke, wasu 105. Na AMD suna tsakanin 95 zuwa 105 gwargwadon samfurinsu. Idan zafi ya taɓo wannan iyaka, furosesar ba ta jiran Windows ko wata manhaja ta ce mata komai. Da kanta take rage gudu da ƙarfin wutar da take ja, sai zafin ya sauka kaɗan, sannan ta sake ƙoƙarin hawa. In kuma ragewar ta kasa riƙe zafin, akwai wani kariya na biyu a sama da wancan wanda zai yanke wutar gaba ɗaya, kwamfutar ta mutu farat ɗaya ba sallama. Saboda waɗannan kariya biyu ne a duk shekarun da na yi ina wannan aiki, furosesar laftof da zafinta na kanta ya kashe ta ba abu ne da ake kawo mana ba. Abin da zafi yake lalatawa a hankali shi ne abubuwan da ke kewaye da ita: batir, fanka, man da ke tsakaninta da ƙarfen sanyaya, da na'urar adana bayanai.

Kafin komai, ka koma ka duba a wane layi ka ga 96 ɗin. Manhajar tana nuna layi huɗu: Current, Minimum, Maximum da Average. Ina da yaƙinin a Maximum ka gan shi, domin nan ne idon kowa yake fara sauka. Wannan layin yana riƙe lamba mafi girma da aka taɓa kaiwa tun da ka buɗe manhajar, ko da na ƙiftawar ido ne. Furosesar kuwa 'yar ƙaramar aba ce, ba ta kai faɗin farcen babban yatsa ba, kuma ma'aunin zafin yana can cikinta daidai inda wutar ke aiki. Shi ya sa za ka buɗe wani babban fayil, zafi ya tashi daga 55 zuwa 90 cikin daƙiƙa ɗaya, ya dawo kafin fanka ta gama tashi. Taka furosesar gudunta na asali 1.6 GHz ne, amma an ba ta dama ta zabura har 3.4 GHz in ta ga akwai sarari, kuma da gangan take cinye wannan sararin don ta gama maka aiki da wuri. Irin wannan tsallen ba cuta ba ne, haka aka yi ta.

Abin da nake nema in an kawo min kwamfuta shi ne inda zafin yake zama, kuma a wane irin aiki. In kwamfuta tana zaune ba ta komai, minti goma bayan kunnawa, ina sa ran ganin 40 zuwa 55. In ana rubutu ko shiga intanet, 50 zuwa 70. In an ɗora mata aiki mai nauyi irin naka, na fitar da bidiyo, siririn laftof zai zauna tsakanin 80 zuwa 92, kuma ba zan ɗaga gira ba. Inda nake fara damuwa shi ne ta zauna a 70 ko sama alhali ba ta komai, ko kuma ta manne a 97 zuwa 100 na tsawon aikin duka, gudunta yana zubewa.

Waɗannan lambobin ma dole ka gyara su da yanayin ɗakin da kake ciki, kuma wannan ne abin da mutanenmu suka fi mantawa idan suna kwatanta kwamfutarsu da abin da suka gani a wani bidiyo daga Turai. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take ja ta busa wa ƙarfe. Idan a ɗaki mai digiri 25 kwamfutarka tana zama a 78, to ta hau digiri 53 ke nan a kan iskar ɗakin. Ka ɗauki wannan kwamfutar, ba ka canza mata komai ba, ka kai ta shago mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maiduguri suke haura 40, za ta doshi 90 da ɗoriya. Yawancin masu ƙera laftof suna rubuta 35 a matsayin iyakar zafin wurin da za a yi aiki da ita. Ke nan a bazara, da rana tsaka, muna aiki a wajen abin da aka tsara mata. Ban ce ka daina neman abincinka ba, amma ka san cewa 90 na bazara da 90 na sanyin Janairu ba labari ɗaya suke bayarwa ba. Na biyun ne yake nuna akwai abin da ya toshe.

To ga gwajin da zai raba gardama, kuma ba ya buƙatar ka kwance ko noti ɗaya. Ka ɗora laftof ɗin a kan tebur, ka jona caja, ka buɗe HWiNFO64 ka zaɓi Sensors-only. A ƙasan tagar akwai alama mai kama da agogo, ka danna ta domin a share tsofaffin lambobi a fara ƙirga daga sifili. Sai ka sa bidiyonka ya fara fita, ka bar shi minti goma sha biyar. Abu huɗu kawai za ka kalla, duk sauran layukan ka ƙyale su: CPU Package wanda shi ne zafin, Core Clocks wanda shi ne gudun, CPU Package Power wanda shi ne yawan wutar da take ci, da kuma Core Thermal Throttling wanda yake cewa Yes ko No.

A daƙiƙoƙin farko za ka ga wutar ta haura wat 20 ko ma fiye, gudun ya kai wajen 3 GHz, zafi ya tashi da sauri. Bayan kamar rabin minti sai wutar ta sauko ta zauna kusa da wat 15, domin wannan ne abin da aka tsara furosesar ta iya riƙewa na dogon lokaci a yawancin laftof. Mutane da yawa suna ganin wannan saukowar sai su ce zafi ne ya kayar da ita, alhali ƙa'idar wuta ce kawai, kuma za ka ga Power Limit Exceeded ne ya ce Yes, ba na zafi ba. Idan bayan nan ta zauna a wat 15, gudu yana sama da 2 GHz, zafi yana tsakanin 80 zuwa 90, kwamfutarka lafiyarta ƙalau, ka ci gaba da aikinka. Idan kuwa zafin ya maƙale a 98 ko 99, wutar ta kasa kaiwa 15 ta koma 9 ko 8, gudun ya faɗi ƙasa da 1.6 GHz, to hanyar fitar da zafi ta lalace, kuma lokacin ɗaukar mataki ya yi.

Bari in ba ka labarin wata da na gyara, don ka ga yadda lambobin suke magana. Wata baiwar Allah mai shagon buga takardu ta aiko ƙanenta da laftof mai furosesa irin taka, a tsakiyar bazara. Ƙorafinta ba zafi ba ne, cewa ta yi kwamfutar ta tsufa, da safe tana gudu, da azahar sai ta koma kamar mai ciwon ƙafa, tana so in ƙara mata ma'adana ko in ba ta shawarar wadda za ta saya. Ma'aunin da ke rataye a bangon shagona yana nuna 38 a ranar. Na kunna ta na bar ta minti goma ba ta komai, ta zauna a 71, fanka tana ta kuka. Na ɗora mata aiki, cikin daƙiƙa ashirin ta kai 99, sannan ta daidaita a 97 tana cin wat 8 kacal, gudu 1.1 GHz. Na kai bayan hannuna bakin ramin da iska ke fita, sai na ji ɗan hucin da ko takarda ba zai motsa ba, duk da ƙarar da fankar take yi.

Akwai ɗan lissafin da nake yi a irin wannan hali, kuma kai ma za ka iya. Ka cire zafin ɗaki daga zafin furosesa, ka raba da yawan wutar:

```
(97 - 38) / 8 = 7.4
```

Ma'ana kowane wat ɗaya da furosesar ta ci yana ɗaga zafinta da digiri bakwai da ɗoriya. Da na buɗe bayanta na ɗaga fankar, tsakanin fanka da siraran faifan ƙarfen da iska ke ratsawa akwai wani curin ƙura da zaren tufafi da ya dunƙule ya zama kamar guntun bargo, tsawon ɗan yatsa. Da hantsaki na zaro shi ɗungurungum, bai ko tsinke ba. Ƙurar hunturu ce ta shekaru ta haɗu da gashin katifa. Man da ke kan furosesar kuma ya bushe ya tsattsage kamar ƙasan tafki a rani, ina taɓa shi yana marmashewa. Na goge shi da sifirit, na sa sabo, na mayar. A ɗakin nan dai, a zafin nan dai, ta zauna a 49 ba ta komai, da aiki kuma ta tsaya a 84 tana cin wat 15, gudu 2.3 GHz.

```
(84 - 38) / 15 = 3.1
```

Ka lura da abin da ya faru. Zafin ya sauka da digiri 13 kawai, wanda in shi kaɗai mutum ya kalla zai ce gyaran bai yi wani abin kirki ba. Amma aikin da take yi ya ninka. Wannan ne dalilin da ya sa nake ta nanata maka cewa ka karanta zafi tare da gudu da wuta. Furosesa mai kare kanta kullum za ta nuna maka lambar da ba ta wuce iyakarta ba, ko tana lafiya ko tana shaƙewa. Bambancin yana cikin abin da ta sadaukar kafin ta riƙe wannan lambar. Ita wannan baiwar Allah da ta sayi wata kwamfutar, da ta kashe kuɗi masu yawa a kan abin da hantsaki da ɗigon mai suka warware, kuma irin wannan asarar tana ci min rai, don na san yadda ake wahala kafin a tara kuɗin laftof.

Gwajin bayan hannun nan kada ka raina shi, yana gaya maka inda matsalar take tun kafin a buɗe. In iska mai zafi tana fita da ƙarfi, to zafin yana samun hanya, tsarin yana aiki. In fanka tana ihu amma iskar ba ta da ƙarfi, ƙura ce ta toshe bakin. In iska tana fita da ƙarfi amma ba ta da zafi, alhali manhaja tana nuna 95, to zafin bai ma iso wurin fankar ba: ko man ya bushe, ko notin da ke danne ƙarfen ya saki, ko kuma bututun jan ƙarfen da ke ɗauko zafin ya mutu. Bututun nan ba dunƙulallen ƙarfe ba ne, akwai ɗan ruwa a rufe a cikinsa da ke tururi a gefen furosesa ya koma ruwa a gefen fanka, kuma in ya huje ko aka lanƙwasa shi, sai dai a sauya. In kuwa babu ƙara babu iska, zafi kuma yana hawa, fankar ta tsaya, kuma wannan ba a kwana da shi. Wata alamar ita ce ka kalli zafin Core 0 zuwa Core 3, wato sassa huɗun da ke cikin furosesar, a lokacin aiki. Bambancin digiri biyar ko bakwai tsakaninsu ba komai ba ne, amma in ɗaya yana gaban 'yan'uwansa da 15 kullum, ƙarfen bai zauna daidai ba ko man ya gudu daga gefe ɗaya.

Akwai wani abu da yake kama da zafi amma ba shi ba ne, kuma yana sa a buɗe kwamfuta a banza. Za ka ga gudu ya maƙale a 0.79 GHz ko 0.39 GHz, kwamfuta tana jan jiki, amma zafi yana 50. Wannan umarni ne da wani sashe na bod ɗin, wato babban allon da komai ke jone a kansa, ya aika wa furosesa cewa ta rage gudu, kuma sau da yawa cajar da ba ta kai ƙarfin da ake buƙata ba ce ko batir da ya gaji. Ka gwada da wata caja mai kyau kafin ka zargi fanka. Haka nan in ka ga zafi yana 75 alhali kai ba ka komai, ka buɗe Task Manager ka danna kan CPU ka ga ko wani abu ne yake cin kashi 40 ko 60 a ɓoye. In akwai, zafin nan na aiki ne, kuma maganinsa a manhaja yake.

In kwamfutar ta taɓa mutuwa da kanta tana tsakiyar aiki, wannan ya wuce a jira. Ka buɗe Event Viewer, ka shiga Windows Logs sannan System, ka nemi abin da Kernel-Power ya rubuta a daidai lokacin. Lamba 86 tana nufin Windows ce ta kashe ta saboda zafi ya kai matakin haɗari, 88 kuma ta kwantar da ita ne saboda dalili ɗaya. Lamba 41 tana cewa kawai wuta ta yanke ba shiri, ba ta faɗin dalili, don haka zai iya zama zafi, zai iya zama batir ko caja. Ko wanne ne, ka fara kwashe bidiyon mutane zuwa wani wuri tukuna. Mutuwar farat ɗaya tana lalata fayil ɗin da ake kan rubutawa, kuma bikin da aka riga aka yi ba a sake shi. Tunda muna wurin, ka gangara ƙasa a HWiNFO64 ka duba Drive Temperature. Na'urar adana bayanai ba ta da juriyar furosesa: yawancin SSD iyakarsu 70 ce, tsohon faifai mai juyawa kuma bai kamata ya wuce 55 zuwa 60 ba.

Game da abin da za ka yi da hannunka, ka fara da mai sauƙi. Yawancin laftof daga ƙasa suke shaƙar iska, don haka katifa, filo, darduma da cinya duk toshe mata hanci suke yi. Ka ɗaga bayanta da ɗan katako ko murfin kwalba biyu, yatsa ɗaya ko biyu daga tebur, sau da yawa za ka ga ta sauke 'yan digiri nan take. Aikin fitar da bidiyo mai tsawo kuma ka bar shi zuwa dare ko bayan asuba in hali ya yi, iskar da ta fi sanyi da digiri goma kyauta ce ka samu. In kana so ka hana ta zaburar nan da ke kai ta 96, ka buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta:

```
powercfg /setacvalueindex SCHEME_CURRENT SUB_PROCESSOR PROCTHROTTLEMAX 99
powercfg /setactive SCHEME_CURRENT
```

A kwamfutoci da yawa wannan yana tsayar da furosesa a gudunta na asali, zafi ya faɗi sosai. Sai dai a taka asarar tana da girma, tunda za ta koma wajen 1.6 GHz, bidiyonka zai daɗe kafin ya fita. Ni a wurina dabara ce ta riƙon ƙwarya, ta kai ka ranar da za a share ta. In an gyara, ka mayar da 99 ɗin 100.

Wajen sharewa, ina roƙonka kada ka yarda a kafa mata bulawa ta waje a busa kawai. Iska mai ƙarfi tana juya fanka fiye da ƙa'idarta har ta lalata mata gindi, kuma curin ƙurar ba fita yake ba, cikin fuka-fukan yake komawa. A buɗe baya, a fara cire igiyar batir daga bod, a ɗaga fanka, a cire curin da hannu, a riƙe fankar da yatsa in za a busa. In an ɗaga ƙarfen da ke kan furosesa, dole a sa sabon mai, wanda masu gyara ke ce wa fes, ba a mayar da tsohon. Kaɗan ake sawa, siririn shafi da zai rufe fuskar furosesar gaba ɗaya, kuma a ɗaure notin bi da bi yadda aka rubuta lambobinsu a jikin ƙarfen, kowanne a juya shi kaɗan-kaɗan. Man goge baki da girisi ba sa maye gurbinsa, na sha goge su daga kwamfutocin da aka cuta. A ƙurar da muke ciki, sharewa sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce kafin bazara ta kankama, ita ce ta fi dacewa. Man kuma yakan kai shekara biyu zuwa uku.

Yanzu wayar. Lambar 43 da kake gani kusan tabbas zafin batir ne, domin shi ne Android take bai wa manhajoji cikin sauƙi. In kana da igiya da kwamfuta mai manhajar adb, kuma ka kunna USB debugging a wayar, za ka iya tabbatarwa:

```
adb shell dumpsys battery
```

Layin temperature yana ba da lambar ninki goma, wato 430 na nufin digiri 43.0. Furosesar waya tana iya haura 70 a cikinta lokacin wasa ko ɗaukar bidiyo, kuma ita ma tana rage gudu da kanta. Waya ba ta da fanka, jikinta ne ƙarfen sanyayarta, shi ya sa take fara rage gudu da hasken fuska tun da wuri don kada ta ƙona hannu. Wanda ba ya iya kare kansa da rage gudu shi ne batirin litiyam. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ana cajinsa tsakanin sifili zuwa 45, ana amfani da shi har zuwa wajen 60, kuma tun kafin a kai waɗannan iyakokin zafi yana cin rayuwarsa, musamman in ya cika maƙil yana zaune da zafi. Apple ma a rubuce ta ce a yi amfani da iPhone a wurin da bai wuce 35 ba, kuma ta yi gargaɗin cewa zafin da ya wuce haka yana iya rage ƙarfin batir har abada.

Don haka ga yadda nake karanta lambar waya. Ƙasa da 40 ba na kula ta. Tsakanin 40 zuwa 43 lokacin caji mai sauri a bazara abu ne da ake gani kullum, ba haɗari ba ne na yau, amma in kullum haka take, batirin da zai yi maka shekara uku zai fara gajiya tun bai kai ba. Kai kana bakin wannan iyakar, saura digiri biyu ka kai inda ya kamata caji ya tsaya. Daga 45 ka zare caja. In ta doshi 50, ka kashe ta ka ajiye a inuwa. Abin da ya fi kai waya can shi ne haɗa zafi biyu ko uku lokaci ɗaya: tana caji kana kallon bidiyo, ko tana raba wa laftof intanet a wurin da sabis ba shi da ƙarfi, ko tana gaban mota rana tana dukanta. Ka cire mata riga in za ka yi caji, ka kwantar da ita a kan siminti ko tayil, ka bar ta ta huta, sannan ka sake dubawa. In ta sauko 38 ko 39, ka gano maganin. In kuma tana kai 43 alhali ba caji ba aiki, ka duba Battery a cikin Settings ka ga manhajar da ke cinye ta, kuma in tana ɗumi a aljihu batir yana zubewa ba gaira ba dalili, a kai ta a auna, wataƙila wuta ce take zurarewa a bod.

Kada ka sa ta a firji ko ka ɗora mata ƙanƙara. Raɓa za ta taru a cikinta, ka tsere wa zafi ka faɗa wa ruwa. Manhajojin da ke cewa suna sanyaya waya kuma ba su da abin da za su sanyaya ta da shi, rufe wasu manhajoji kawai suke yi, su kuma su ci gaba da aiki suna nuna talla.

Akwai alama guda da ba ta buƙatar ma'auni, a waya da laftof duka. In ka ga bayan wayar ya ɗago, ko fuskarta ta fara rabuwa da jiki, ko wurin da kake jan yatsa a laftof ya kumbura ya daina dannuwa, ko ka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, batirin ya kumbura da iskar gas. Ko manhaja tana nuna 30, ka daina caji nan take, kada ka matsa shi, kada ka huda shi, kada ka kwana da shi a ɗakin da yara suke. Ka ajiye na'urar a kan siminti nesa da katifa da labule, gari na wayewa ka kai a cire batirin.